Kafin ki damu da adadin manoma, dubi jerin sunayen da kuma yawan ƙauyuka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma, bincikena a kan karɓar ingantaccen irin shinkafa ne a Kura, Bunkure da Garun Malam. Malamin gona ya ba ni sunayen manoma 4,200 daga ƙungiyoyinsu, na sa a lissafin Yamane ya ba ni 365. Niyyata in ɗauki ƙauyuka biyu a kowace ƙaramar hukuma in raba takardun tambayoyi daidai. Wannan tsarin ya yi, ko za a kama ni ranar kare kundi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Lissafinki daidai ne, amma shi ne abu mafi ƙarancin muhimmanci a duk tsarin. Inda mai jarrabawa na waje zai tsaya, idan ya san aikinsa, wurare biyu ne: daga ina sunayen nan suka fito, kuma me ya sa ƙauyuka shida kawai. Gara ki gyara su yanzu da ba ki buga takarda ko ɗaya ba, domin bayan an dawo daga ƙauye babu wata dabarar lissafi da ke gyara zaɓen da aka yi a karkace.

Mu fara da jerin. Manomin da sunansa ke cikin littafin ƙungiya shi ne wanda malamin gona ya sani, wanda ake kira idan taki ya zo, wanda ya taɓa tsayawa a gonar gwaji. Wato shi ne ainihin mutumin da ya fi kowa yiwuwar ya riga ya karɓi sabon iri. Tambayar bincikenki ita ce wa ya karɓa kuma me ya sa, sai ga shi ƙofar da kika bi ta tace miki mutane tun kafin ki yi tambaya ko ɗaya. Abin da zai biyo baya sananne ne: kason waɗanda suka karɓi iri zai fito sama da gaskiya, sannan idan kika zo auna tasirin zama ɗan ƙungiya ko ziyarar malamin gona, za ki tarar kusan kowa ya amsa da "e", babu wanda za ki kwatanta su da shi. Ana gane wannan cutar a kundi cikin sauƙi. Da zarar na ga jadawali yana cewa kusan duk waɗanda aka tambaya 'yan ƙungiya ne kuma suna ganin malamin gona a kai a kai, na san ba halin ƙauyen ake ba ni labari ba, halin jerin ne.

Akwai kuma lalurar da irin waɗannan littattafai ke ɗauke da ita. Da yawa an rubuta su ne lokacin rabon wani tallafi, don haka za ki samu gida ɗaya da sunaye huɗu, uba da 'ya'yansa, ki samu wanda ya rasu, ki samu ɗan birni da ya kama hayar fili kaka ɗaya ya tafi. Idan kin nace sai da wannan jerin za ki yi aiki, ba haramun ba ne, amma sai taken kundin ya koma "manoman shinkafa 'yan ƙungiya", kuma duk abin da kika gano a kansu kaɗai ya tsaya. Idan kuwa gidajen manoma kike nufi gaba ɗaya, to jerin da za ki zaɓa daga ciki ke za ki haɗa shi da hannunki a kowane ƙauyen da kuri'a ta faɗa wa. Zan zo kan yadda ake yi.

Yanzu batun ƙauyuka, wanda a nan nake so ki fi zama. Lissafin Yamane, `n = N / (1 + N·e²)`, inda `n` shi ne yawan waɗanda za a tambaya, `N` yawan jama'ar gaba ɗaya, `e` kuma kuskuren da aka amince da shi, an gina shi ne a kan zaton cewa kin zuba sunayen kowa da kowa a ƙwarya ɗaya kin zaro ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da kike aunawa kaso ne da ke kusa da rabi. Yawan jama'ar ma bai cika motsa shi ba: da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, mutum 10,000 suna ba da 385, mutum 50,000 suna ba da 397. Amma ke ba ƙwarya ɗaya za ki yi ba. Za ki fara zaɓen ƙauye, sannan gida a cikin ƙauye, kuma mutanen ƙauye ɗaya suna kama da juna. Dila ɗaya suke sayen iri a wurinsa, magudanar ruwa ɗaya ke shayar da su, malamin gona ɗaya ne ke zuwa ko ba ya zuwa, maƙwabci yana ganin gonar maƙwabci. Mutum na arba'in da kika tambaya a ƙauye ɗaya kusan maimaita miki abin da na goma ya faɗa yake yi. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san wannan: idan buhu ɗari ne a gabansa, ba ya cika mudu daga buhu biyu, yakan soki buhuna da yawa ya ɗebi kaɗan-kaɗan.

Ana auna wannan asarar da ɗan gajeren lissafi:

```
deff = 1 + (m - 1) * rho
```

A nan `m` shi ne yawan gidajen da kika ɗauka a kowane ƙauye, `rho` kuma ma'aunin yadda 'yan ƙauye ɗaya suke kama da juna, daga sifiri zuwa ɗaya. Sai ki raba adadin mutanenki da `deff` ki ga nawa ne ainihin ƙarfinsu. Ba ki san `rho` ba tukuna, don haka mu ƙaddara 0.1, wanda ba wuce gona da iri ba ne ga abu irin karɓar sabon iri da ke yaɗuwa ƙauye-ƙauye. A tsarinki, 365 a ƙauyuka shida yana nufin kusan gida 61 a kowanne. `deff` ya zama 7, wato takardunki 365 ƙarfinsu na mutum 52 ne kacal. Kuskuren da kika rubuta a babi na uku cewa kashi 5 ne, a zahiri ya kusa kashi 14. Idan sakamako ya ce rabin manoma sun karɓi iri, gaskiyar tana iya zama ko'ina daga kashi 36 zuwa 64.

Ki kwatanta da ƙauyuka 24, gida 12 a kowanne. Jimilla 288, ƙasa da naki da takarda 77. `deff` ya sauko 2.1, ƙarfin ya kai na mutum 137, kuskure kuma wajen kashi 8. Ko da `rho` ya zama rabin abin da muka ƙaddara, tsarin ƙauyuka 24 yana nan da ninki biyu na ƙarfin naki. Kuma akwai wata riba da ba a lissafin nan take ba. Duk wani abu da na ƙauye ne ba na gida ba, kamar nisa da kasuwa, kyawun hanya ko samuwar mai sayar da iri, yawan shaidarki a kansa shi ne yawan ƙauyukanki. Da ƙauyuka shida, shaidu shida gare ki a kan nisan kasuwa, ko da mutum dubu kika tambaya. Na san abin da za ki ce: kuɗin mota. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce gida biyar a ƙauyuka sittin ba. Tsakanin gida 10 zuwa 15 a ƙauye shi ne abin da masu tambaya biyu ko uku za su iya gamawa a yini, kuma manyan binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma a wannan yankin suke zama, gida goma a kowane yankin ƙidaya. Idan aljihu bai kai 24 ba, ki sauko 18, amma ki rage yawan takardu kafin ki rage yawan ƙauyuka.

Zaɓen ƙananan hukumomin uku da kika yi da gangan ba laifi ba ne, tunda nan ne cibiyar noman shinkafar Kano. Sharaɗinsa ɗaya: sakamakon nasu ne su uku, ba na jihar mai ƙananan hukumomi 44 ba, don haka ki kula da yadda kike rubuta take da shawarwari. Daga nan ƙasa kuwa, kada ganin damarki ko na malamin gona ya sake shiga. Ƙauyen da aka ce miki "can ne ake noman sosai, kuma hanya na da kyau" shi ne wanda ɗalibai goma suka riga ki zuwa.

A wannan yankin akwai rabo ɗaya da ya kamata ki gina tsarinki a kansa. Wasu ƙauyuka ruwan Tiga yana isa gonakinsu ta magudanan shirin noman rani na Kogin Kano, wasu kuma sai damina ko injin ban ruwa. Wannan bambancin yana taɓa komai, daga irin da ake shukawa zuwa sau nawa ake noma a shekara. Saboda haka ki raba ƙauyukan kowace ƙaramar hukuma gida biyu, masu magudana da marasa ita. Rukuni shida ke nan, ki ɗauki ƙauyuka huɗu a kowanne, ga 24 ɗinki. Amfanin wannan shi ne kuri'a ba za ta iya yi miki wasa ta kwaso duk ƙauyukan daga gefe ɗaya ba, kuma kina da isassun gidaje a kowane ɓangare idan kina son kwatantawa.

Yadda za ki zaɓi huɗun nan yana buƙatar kulawa, domin ƙauyuka ba girmansu ɗaya ba. Idan kika ba ƙauye mai gida 80 da mai gida 500 dama iri ɗaya, sannan kika ɗauki 12 a kowanne, kin fifita mazauna ƙananan ƙauyuka ninki shida ba tare da kin sani ba. Maganin shi ne damar kowane ƙauye ta bi girmansa. Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don koyarwa kawai. A ce rukuni ɗaya yana da ƙauyuka goma, ki jera su da yawan gidajensu, ki riƙa tarawa:

```
kauye  gidaje  tarawa
1      120     120
2      340     460
3      80      540
4      510     1050
5      200     1250
6      150     1400
7      430     1830
8      90      1920
9      260     2180
10     220     2400
```

Jimilla 2,400, kina son huɗu, tazara ta zama 600. Ki buɗe Excel ki rubuta `=RANDBETWEEN(1,600)` sau ɗaya, ki rubuta abin da ya fito a littafinki nan take, don lambar tana canzawa duk lokacin da kika taɓa shafin. A ce 275 ce. Ki riƙa ƙara 600: 275, 875, 1,475, 2,075. Ki duba layin tarawa ki ga inda kowace ta faɗa: ƙauye na 2, na 4, na 7 da na 9. Kyawun wannan hanya shi ne babban ƙauye ya fi samun damar shiga, amma gida ɗaya a cikinsa ya fi wahalar faɗawa cikin goma sha biyun, sai biyun suka kashe juna. A misalin nan kowane gida, ko a ina yake, damarsa ɗaya ce cikin hamsin. Idan wani gari ya fi tazarar girma, kamar cikin garin Kura, kada ki bar shi a kuri'a: ki raba shi unguwa-unguwa, kowace ta shiga jerin a matsayin ƙauye mai zaman kansa.

Yawan gidajen da za ki sa a jadawalin ba sai ya zama cif ba, kimantawa ta isa muddin ma'auni ɗaya kika yi wa kowa. Ƙidayar 2006 ta tsufa da yawa. Hakimi da dagatai suna da sunayen ƙauyuka da unguwanni, asibitocin mazaɓu kuma suna riƙe da jerin matsugunai da suke amfani da shi lokacin rigakafi, wanda sau da yawa ya fi kowane jeri kawo ƙananan ƙauyuka da rugage. Ki haɗa biyun, ki zauna da wanda ya san yankin a tantance.

Sai aikin da ɗalibai suka fi gudu, wato rubuta gidaje a ƙauyen da aka zaɓa. Ki je da takardar gabatarwa daga sashenku, ki fara gaida dagaci, ya haɗa ki da masu unguwanni. Ana bin gari ƙofa-ƙofa da gajerun tambayoyi: sunan maigida, unguwa, ko gidan ya noma shinkafa a daminar da ta wuce ko ranin da ya wuce. Idan ƙauyen ya yi girman da ba za a iya zagaye shi a yini ba, ki zaɓi unguwa ɗaya ta irin kuri'ar da ta gabata, ki rubuta ita kaɗai. Tun a zauren dagaci ki faɗa da babbar murya cewa ke ɗaliba ce, babu taki babu bashi a bayan wannan rubutu. Idan ba haka ba, kafin la'asar ƙauye mai gida ɗari biyu ya haifi magidanta ɗari huɗu. Ki tambayi mai unguwa da bakinki ko akwai wasu gidaje a bayan gari, ko ruga, ko baƙin da suka zauna, don waɗannan su ne ake mantawa, ba da mugunta ba.

Kafin ki fara rubutun, ki yanke abin da kike kira gida, ki koya wa masu taimaka miki shi da kalmomi iri ɗaya. Ƙofa ɗaya a ƙasar Hausa tana iya ɗaukar uba da 'ya'yansa uku masu aure. Idan suna gandu, gona ɗaya rumbu ɗaya tukunya ɗaya, gida ɗaya ne, ko da kowane ɗa yana da gayaunarsa. Idan sun raba tukunya kowa na ciyar da iyalinsa, gidaje huɗu ne, kuma layi huɗu za su ci a jerinki. Wanda ya ƙirga ƙofofi maimakon tukwane zai riƙa faɗawa kan dattijon gidan kullum, sai kundin ya fito yana cewa manoman yankin tsofaffi ne masu manyan gonaki. A cikin gidan da aka zaɓa kuma, wanda ke yanke shawarar irin da za a shuka shi za a tambaya, kuma ba kullum maigida ba ne. Akwai matan da ke da filin gado ko na haya suna noma shi ta hannun 'ya'ya ko 'yan ƙwadago, kuma miji ba lallai ya ambace shi ba idan ba a tambaya ba. A nan kin fi abokan karatunki maza dama, tunda ke kina iya shiga cikin gida. Ki kuma rubuta a kundin cewa binciken gidaje ba ya kama wanda ke zaune a birnin Kano yana noma a Kadawa, domin ta wurin kwana kika zaɓa ba ta wurin gona ba.

Bayan jerin ya kammala, ki ware gidajen da suka noma shinkafa, ki sa `=RAND()` a gefen kowane suna, ki daskarar da lambobin, ki jera daga ƙarami zuwa babba. Goma sha biyun farko su ne naki, huɗun da ke biye su ne 'yan jiran gado. Ba a taɓa ɗan jira sai an nemi na ainihi sau uku a lokuta dabam-dabam ba a same shi ba, ko ya ƙi. Kada mai tambaya ya maye gurbin wanda ya tafi gona da wanda ya samu zaune a dakali, domin wanda ke gona da hantsi da wanda ke dakali ba irin manomi ɗaya ba ne. Ki kauce wa ranar kasuwar yankin da safiyar Juma'a da tsakiyar girbi, kuma ki ajiye lissafin waɗanda ba a samu ba da dalilin kowanne.

Abin da kika rubuto a ƙasa ba zai yi daidai da kimantawar farko ba, kuma ba kowane gida ke noman shinkafa ba, don haka kowane gida zai samu nauyinsa. Nauyi shi ne ɗaya a raba da damar shigar gidan, wato gidaje nawa yake wakilta. Ɗauki ƙauye na 2: damar shigarsa 4 sau 340 a raba da 2,400, wato 0.567. A ce kin samu gidaje 300 masu shinkafa kin ɗauki 12, wato 0.04. Ki ninka biyun ki samu 0.0227, nauyin kowane gida a can 44 ke nan. Ƙauye na 9 damarsa 0.433, a ce masu shinkafa 130 ne kawai, nauyin ya zama 25. Idan ba ki sa nauyin ba, kin ba ƙauyen da shinkafa ba ta da yawa murya daidai da wanda kusan kowa ke nomanta. Haka kuma tunda huɗu-huɗu kika ɗauka a rukunan da girmansu ya bambanta, nauyin ne zai mayar da kowane rukuni matsayinsa idan kika haɗa su.

A wajen nazari, ki sanar da manhajar yadda kika zaɓi mutanen, in ba haka ba za ta ɗauka ƙwarya ɗaya kika yi, ta ba ki taurarin muhimmanci da ba ki cancanta ba. A Stata:

```
svyset kauye [pweight=nauyi], strata(rukuni)
svy: proportion sabon_iri
estat effects
svy: logit sabon_iri shekaru fili kungiya
```

Layi na uku zai nuna miki ainihin `deff` ɗin bayananki, ki saka shi a babi na huɗu kusa da wanda kika ƙaddara a babi na uku. Wannan yana nufin tun ranar farko kowace takarda ta ɗauki lambar ƙauye da ta rukuni, kuma ki adana jadawalin tarawa, lambar da kuri'a ta ba ki, da yawan gidajen da aka rubuta a kowane ƙauye. Su ne za su shiga rataye a ƙarshen kundin.

Mai yiwuwa malamin da ke duba aikinki ya saba ganin Yamane kuma zai tambayi inda 365 ta tafi. Kada ki yi jayayya da baki. Ki kai masa shafi ɗaya mai layi biyu: 365 a ƙauyuka shida, ƙarfi 52, 288 a ƙauyuka 24, ƙarfi 137, tare da `rho` ɗin da kika ƙaddara. Idan sashen ya dage a kan babban adadi, ki ƙara ƙauye ɗaya a kowane rukuni, 30 sau 12 ya ba ki 360, kowa ya samu abin da yake so. Jerin ƙungiyoyin nan kuma kada ki yar da shi. Ki tafi da shi ƙauye, ki duba gidaje nawa cikin waɗanda kika rubuta da hannunki suke ciki, ki kawo kason a babi na huɗu, domin shi kansa sakamako ne da KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, za ta so ta gani.